Abin da Ya Kamata Mamba Ya Ji a Bakin Shugaba Ranar Taron Shekara

A kowace ƙungiyar gama kai mai rajista, ta malaman makaranta ce ko ta ma'aikatan asibiti, ta manoma ko ta 'yan kasuwa, akwai rana guda a shekara da waɗanda aka damƙa wa kuɗin jama'a suke tsayawa gaban masu kuɗin su yi bayani. Ita ce ranar babban taron shekara. Bayan addu'a, wanda ya fara tashi shi ne shugaba, kuma abin da zai faɗa bai cika wuce minti goma zuwa sha biyar ba.

Mambobi da yawa ba sa jin wannan jawabi. Wasu sai an yi nisa suke shigowa, wasu suna zaune amma hankalinsu yana kan tambaya guda: nawa za a raba bana? Suna ɗaukarsa gaisuwa ce da godiya ga manyan baƙi, abin da ake jurewa kafin a kai ga magana. Alhali a cikin waɗannan mintoci ne mai kunne zai gane ko ajiyarsa tana nan daram, ko kuwa a takarda kawai ta rage. Rahoton ma'aji da na mai binciken kuɗi cike suke da layukan alƙaluma da ba kowa ke iya binsu ba. Jawabin shugaba ne kaɗai wurin da ake sa ran a faɗi halin da ƙungiya take ciki da harshen da kowa ke ji.

Wa ke magana, wa ke sauraro

Shugaban ƙungiyar gama kai ba mai kamfani ba ne. Mamba ne kamar kowa, wanda aka zaɓa ya riƙe amana na ɗan wa'adi. Iko mafi girma a ƙungiyar yana hannun taron da ke zaune a gabansa, kuma a wannan taro kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, mai ajiyar miliyan biyu da mai ajiyar dubu ashirin. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga shagon da wasu ma'aikata 28 suka buɗe a garin Rochdale na Ingila a 1844, kuma tana cikin ƙa'idoji bakwai da haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama kai ta duniya ta sake tabbatarwa a Manchester a 1995.

A Nijeriya, tsarin ya shigo ta hanyar rahoton C. F. Strickland na 1934 da dokar da ta biyo baya a 1935. Yau akwai dokar tarayya ta 1993, sannan jihohi suna da nasu dokokin da ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai, wanda ke yi wa ƙungiyoyi rajista yana kuma sa ido kan binciken littattafansu. A Nijar da Kamaru da Cadi, dokar bai-ɗaya ta OHADA da aka amince da ita a Lome a ƙarshen 2010 ce ke aiki, kuma ta ce a yi taron shekara cikin wata shida bayan rufe lissafi.

Abin da duk wannan ke nufi ga jawabin buɗe taro shi ne, wakili ne ke magana da waɗanda suka wakilta shi. Idan shugaba ya fara da cewa ya yi wa mambobi kaza, ya taimake su da kaza, to ya juya al'amarin. Da kuɗinsu aka yi, kuma da izininsu.

Abubuwa huɗu kafin a shiga magana

Aikin farko na jawabin shi ne tabbatar da cewa zaman halastacce ne. Wannan yana ɗaukar minti biyu kacal, amma idan aka tsallake shi, duk abin da aka yanke a ranar ana iya rushe shi daga baya idan wani ya kai ƙara ofishin darakta.

Na farko, sanarwa. Dokar cikin gida ta kowace ƙungiya ta faɗi kwana nawa za a sanar da mambobi kafin taro, wasu mako biyu, wasu mako uku. Shugaba zai faɗi ranar da aka fitar da sanarwar da hanyar da aka bi. Taron da aka kira da saƙon waya daren jiya ba taron shekara ba ne, ko da zauren ya cika.

Na biyu, adadin da ake buƙata kafin a zauna. Shi ma dokar cikin gida ce ke faɗinsa. Ba a ƙiyasta shi da ido. Sakatare zai ƙirga waɗanda suka sa hannu a rajistar halarta, ya miƙa wa shugaba, shi kuma ya faɗi lambar a fili: mambobi kaza ke cikin littafi, doka tana son kaza, waɗanda suka sa hannu kaza ne. Baƙi da 'yan rakiya ba sa cikin ƙidaya. Idan adadin bai cika ba, ɗage taro ake yi kamar yadda dokar ta tsara.

Na uku, lissafin da aka bincika. Shugaba zai faɗi wanda ya binciki littattafan, jami'an ofishin darakta ne ko wani akanta da ofishin ya amince da shi, da ranar da ya sa hannu, da kuma ko an raba wa mambobi kwafi kafin yau. Idan ka ji an ce “ana kan bincike, amma za mu raba riba tukuna,” to a nan ma an kauce hanya, domin rarar da ba a tabbatar ba ba a raba ta.

Na huɗu, ajanda: karanta abin da aka tattauna a zaman bara, rahoton kwamiti, rahoton kuɗi, rabon rara, kasafin baɗi, zaɓe idan wa'adi ya cika, sai sauran batutuwa. Faɗin wannan jeri tun farko yana hana a cuso babban al'amari, kamar sayen fili ko ƙara wa'adin shugabanni, a ƙarshen zama lokacin da rabin mutane sun tafi sallar la'asar.

Akwai kuma abin da ba doka ce ta sa ba, amma ba a barinsa: ambaton mambobin da suka rasu cikin shekarar da yi musu addu'a. Shugaba mai lura yakan ƙara jimla guda a nan, ya ce an lissafa ajiyar kowannensu, an cire bashin da ke kansa, an miƙa ragowar ga magada, ko kuma ga inda aka tsaya. Kowa da ke zaune yana son ya san yadda za a yi da iyalinsa ranar da aka wayi gari ba shi.

Yadda rara ke zama rabo

Zuciyar jawabin ita ce lissafi, kuma an fi gane shi da misali. A ɗauka ƙungiyar malaman makaranta ce mai mambobi 400. Ana cire wa kowa naira 10,000 a albashinsa duk wata a matsayin ajiya. Bayan 'yan shekaru, ajiyar mambobi gaba ɗaya ta kai naira miliyan 120, wato kusan 300,000 kowane mutum. Ba ta ba da bashi da ruwa. Tana sayo kaya ne, shinkafa da sukari da mai gabanin azumi, taki da damina, babur ko firji ko kwanon rufi, ta ɗora riba sananniya, mamba ya biya kaɗan-kaɗan daga albashi.

A shekarar da ake magana, ribar da littafi ya nuna naira miliyan 14 ce. An kashe miliyan 4 wajen albashin akawu da mai gadin sito, hayar ofis, dakon kaya, cajin banki da kuɗin bincike. Rara ta zama miliyan 10.

Ba wannan miliyan 10 ake rabawa ba. Dokar tarayya ta ce a fara ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a zuba a asusun ko-ta-kwana, wanda ba a raba shi, kuma ba a taɓa shi yadda aka ga dama. Miliyan biyu da rabi ke nan. A ce dokar cikin gida ta ware kashi 5 cikin ɗari don ilimantar da mambobi da horar da jami'ai, naira 500,000, kuma kwamiti yana neman taro ya amince masa da kashi 10 a matsayin ladan ɗawainiya, miliyan ɗaya. Abin da ya rage miliyan 6 ne. Idan aka raba shi a kan ajiyar miliyan 120, kowace naira ta samu kwabo biyar. Mai ajiyar 300,000 zai tafi gida da 15,000.

Wasu ƙungiyoyin ba sa raba duka a kan ajiya. Sukan ware wani kaso su raba gwargwadon cinikin da mutum ya yi da ƙungiya, bisa hujjar cewa daga aljihun masu ɗaukar kaya ribar ta fito. Wannan ma tsohuwar al'ada ce tun daga Rochdale. Ko wanne aka bi, shugaba ya faɗe shi dalla-dalla, ya kuma tuna cewa shawara ce kwamiti ya kawo. Taro ne zai amince, musamman kan ladan ɗawainiyar da shi kansa shugaban yake da rabo a ciki.

Idan jawabin ya tsaya a nan, za a yi tafi. Sai dai akwai lambobi biyu da ba su fito ba tukuna, kuma su ne ke nuna ko kwabo biyar ɗin gaskiya ne.

Bashin da ya kwanta

Daga cikin dukiyar wannan ƙungiya, miliyan 100 tana hannun mambobi a matsayin bashin kaya. Wannan ba laifi ba ne, don haka aka kafa ta. Tambayar ita ce nawa ne a ciki ya daina dawowa. A ce miliyan 8 ne wata shida ko fiye ba a biya ko kwabo a kai ba.

A ƙungiyar ma'aikata, bashi yakan kwanta ne ta hanyoyi sanannu. Mutum ya yi ritaya, sunansa ya fita daga takardar albashi, giratuti kuma bai fito ba. Wani an yi masa canjin wurin aiki zuwa ma'aikatar da ba ta cire wa wannan ƙungiya kuɗi. Wani ya rasu. Wani kuma ya ci bashin banki da na wata ƙungiyar, albashinsa bai kai a cire komai ba idan layi ya zo kan wannan. Akwai kuma wanda aka ba shi fiye da ƙa'ida, ninki huɗu ko biyar na ajiyarsa a inda doka ta ce ninki biyu, saboda ɗan kwamiti ne ko na kusa da su.

Illar wannan ga lissafi ita ce, sau da yawa akan rubuta ribar kayan gaba ɗaya tun ranar da aka miƙa su. Babur ɗin da aka saya 900,000 aka sayar miliyan ɗaya, an riga an ƙirga 100,000 a cikin ribar shekara, alhali mai shi ya biya wata uku ya tsaya. Ba ribar kaɗai ta maƙale ba, har da uwar kuɗin.

Mai binciken kuɗi na kirki zai ce a ware wani abu daga rara saboda irin wannan bashi. A ce an duba kowane fayil, an cire ajiyar masu bashin da abin da za a iya karɓa daga waɗanda suka tsaya musu, aka ga rabin miliyan 8 ɗin da wuya ya dawo. To rara ta sauka daga miliyan 10 zuwa miliyan 6. A sake bin lissafin da kaso iri ɗaya: miliyan ɗaya da rabi asusun ko-ta-kwana, 300,000 ilimantarwa, 600,000 ladan kwamiti, saura miliyan 3 da dubu 600. Kwabo uku ke nan a kan kowace naira. Mai ajiyar 300,000 zai karɓi 9,000 maimakon 15,000.

Wannan bambanci na 6,000 shi ne jarrabawar shugaba. Idan ya yi shiru aka raba kwabo biyar, ba riba aka raba duka ba, an gutsuro daga ajiyar mambobi an miƙa musu da sunan riba. Shekara ɗaya ba za a ji ba. Idan aka yi haka shekara huɗu ko biyar, ranar da mutum talatin suka yi ritaya tare suka nemi ajiyarsu, sai a fara ce musu su dawo wata mai zuwa.

Kuɗin da aka cire amma bai iso ba

Lamba ta biyu ta fi ɓoyuwa. Mamba yana duba takardar albashinsa ya ga an cire masa ajiya da biyan bashi, sai ya ɗauka kuɗin sun shiga asusun ƙungiya. Ba lallai ba ne. Ofishin da ke biyan albashi ne ke cirewa, shi ne kuma zai tura, kuma tsakanin cirewa da turawa akan samu jinkiri, wani lokaci na watanni.

A misalinmu, abin da ake cirewa duk wata miliyan 12 ne: miliyan 4 ajiya, miliyan 8 biyan bashi. Idan aka rufe shekara ana bin wata biyu, miliyan 24 ke nan da littafi ya rubuta wa mambobi amma banki bai gan su ba. A ce abin da ke asusun banki ranar rufe lissafi miliyan 4 ne. To ko da ba a yi maganar bashin da ya kwanta ba, rabon miliyan 6 ya fi ƙarfin abin da ke hannu, balle a sayo kayan azumi.

Mamba yana iya gane wannan hali tun kafin taro. Takardar neman kaya da a da ake sa mata hannu cikin mako biyu yanzu tana wata uku. An fara cewa a bi layi. Wanda ya fita daga ƙungiya ana biyansa ajiyarsa kashi-kashi. Kayan azumi sun iso ana saura kwana goma salla. Jawabin da bai taɓo dalilin waɗannan ba ya bar abin da kowa ke gunaguni a kai a ɗakin malamai.

Laifin jinkirin ba na shugaba ba ne, amma ɓoye shi nasa ne. Abin da ake so ya faɗa shi ne watannin da ake bi, jimlar kuɗin, takardun da aka rubuta da ranakunsu, da amsar da aka samu. Sau da yawa shugaban ma'aikatar ko wakilinsa yana zaune a babban tebur a matsayin babban baƙo, kuma wannan ne ke sa harshe ya yi nauyi. Ana iya faɗa cikin ladabi, amma sai an faɗa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yadda zai iya fitowa a baki

Ga yadda shugaban ƙungiyar da muka ɗauka misali zai iya tsara tsakiyar jawabinsa, bayan gaisuwa da tabbatar da zama:

“'Yan uwa, iyayena da ƙannena, bara a wannan zaure kun umarce mu da abu uku: mu kawo kayan azumi da wuri, mu buɗe wa kowa hanyar ganin ajiyarsa duk wata, mu rage bashin da ya kwanta. Na biyu mun yi. Na farko mun makara, kuma zan faɗi dalili. Na uku ba mu yi ba, ya ma ƙaru.

“Littafi ya nuna rarar miliyan goma. Amma miliyan takwas na bashinmu ya fi wata shida ba a biya, kuma mai bincike ya ce mu ɗauka rabinsa ba zai dawo ba. Mun yarda da shi. Saboda haka rarar da muke kawo muku miliyan shida ce, kuma shawararmu kwabo uku a kan naira. Na san bara kwabo biyar aka raba. Na fi son ku yi fushi da ni yau da a rasa abin biyan wanda zai yi ritaya baɗi.

“Ranka ya daɗe, babban baƙonmu, kuɗin Nuwamba da Disamba da aka cire daga albashin waɗannan bayin Allah, miliyan ashirin da huɗu, har yau ba su shigo ba. Mun rubuta sau biyu. Muna roƙon a taimaka mana da ranar da za mu sa rai. Sai sun shigo za mu iya biyan rabon, kuma ba za mu ci bashin banki don mu biya shi ba.”

A lura da abin da ya yi. Ya fara da alkawarin bara, domin da shi ake auna kwamiti. Ya kawo labari marar daɗi da kansa kafin wani ya tono shi daga shafi na tara na rahoto. Lambobin da ya ambata ba su da yawa, kuma kowace tana cikin takardar da ke hannun mambobi. Bai kuma kama sunan kowa ba.

Akwai gaskiya guda da ta cancanci jimla biyu a irin wannan jawabi a shekarun nan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kayan da aka saya 100,000 shekara guda kafin nan sun koma kusan 135,000, alhali ajiyar 100,000 da ta samu kwabo biyar ta zama 105,000 ne kawai. Shugaban da ya ce wa mambobi kuɗinsu yana haɓaka a irin wannan shekara bai faɗi daidai ba. Amfanin ƙungiyar a lokacin yana wajen sayen kaya da yawa a farashin sari tun kafin su tashi, da biya a hankali. A nan ya kamata ya nuna ƙoƙarin kwamiti: nawa aka sayo buhu, nawa aka ba mamba, nawa yake a kasuwa a wannan makon.

Inda jawabin ke kaucewa

Alama ta farko ita ce tsawon gaisuwa. Idan minti goma ya tafi wajen jero manyan baƙi da muƙamansu, minti biyu ya rage wa kuɗi, to an nuna wanda ake jin tsoro. Gaisuwa wajibi ce a al'adarmu, amma ana iya gama ta a numfashi uku.

Ta biyu, manyan lambobi marasa abokin gwadawa. “Mun raba kayan miliyan tamanin” ba ya nuna komai sai an ji na bara, an kuma ji nawa ya dawo. Haka nan “mambobinmu sun ƙaru” ba tare da faɗin nawa suka fita ba.

Ta uku, sabon babban aiki da ya faɗo daga sama: an sayi fili za a yanka wa mambobi, an zuba kuɗi a wani kasuwanci mai riba duk wata, an fara ginin ofis. A tambaya a wane zama taro ya amince, kuma da sunan wa takardun suke. Kuɗin ajiya kuɗi ne da masu shi za su iya nema idan sun fita ko sun yi ritaya. Idan aka binne su a fili, ba sa fitowa ranar da ake so.

Ta huɗu, mai da jawabin yaƙin neman zaɓe. A shekarar zaɓe, shugaba mai neman komawa yana da makirfo a hannu, abokin takararsa ba shi da shi. Don haka ne a ƙungiyoyi da yawa, idan an zo zaɓe, kwamiti ke sauka daga tebur, jami'in ofishin darakta ko kwamitin zaɓe ya karɓi zaman.

Ta biyar, tozarta masu bashi. Karanto sunaye a buɗe taro yana jawo hayaniya, ya mai da hankali kan mutum biyar maimakon tsarin da ya bari aka ba su. Jimla ake so a nan da kashe-kashenta: nawa na 'yan ritaya, nawa na waɗanda aka canja wa wurin aiki, nawa na mamata. Sai kuma lamba guda da ba a cika jin ta ba, wato nawa ne ke kan 'yan kwamiti su kansu. Shugaban da ya faɗi wannan ba tare da an tambaye shi ba ya sauƙaƙa wa kansa sauran zaman.

Iyakar jawabin, da abin da ya rage wa mamba

Komai kyan jawabin buɗe taro, ba hujja ba ne kuma ba hukunci ba ne. Ba a kaɗa ƙuri'a a kansa, kuma abin da shugaba ya faɗa bai zama doka ba sai an kawo shi a matsayin ƙuduri, wani ya goyi baya, taro ya amince, sakatare ya rubuta. Mai iya magana yana iya faɗin lambobi masu daɗi da babu su a takarda. Saboda haka mamba ya riƙe rahoton a hannu yana sauraro, ya sa alama a inda baki da takarda suka saɓa.

Idan shugaba ya zauna bai taɓo su ba, tambayoyi huɗu sun isa, kuma lokacinsu shi ne bayan rahoton kuɗi, kafin a amince da shi. Nawa ke asusun banki ranar rufe lissafi, kuma ina takardar bankin? Nawa ne bashin da ya wuce wata shida, kuma nawa aka ware saboda shi? Wata nawa ake bin ofishin albashi? Asusun ko-ta-kwana da ake zuba wa kashi ɗaya cikin huɗu duk shekara, a ina yake ajiye, nawa ne a ciki yau?

Ta ƙarshen ita ce aka fi mantawa. A ƙungiyoyi da yawa asusun suna ne a littafi, kuɗin kuwa an juya su cikin bashin kaya tare da sauran. Idan ba a samu amsa a zauren ba, mamba yana da damar neman a rubuta tambayarsa a rahoton zama, a sa ranar kawo amsa, ko a jinkirta amincewa da lissafin har sai an kawo ta. Idan hakan ma ya faskara, ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha yana da ikon bincikar littattafan ƙungiyar da ya yi wa rajista, kuma ƙorafin da mambobi da dama suka sa wa hannu ya fi na mutum ɗaya nauyi.